Dalili Daban, Uzuri Daban: Yadda Ya Kamata Mu Rubuta Mugu a Labaranmu

Duk wanda ya tashi a zango ya san muguwar kishiyar uwa tun kafin ya san baƙi da wasali. Tana cikin tatsuniyoyin da kakanninmu suka taho da su daga ƙasar Hausa tare da jakunansu da kayan fataucinsu. Ita ce mai hana marainiya tuwo, ita ce mai aika ta rafi mai nisa da tsakar rana. Ba mu taɓa tsayar da mai ba da tatsuniya mun tambaye ta abin da ya sa matar nan take haka ba, kamar yadda ba mu taɓa tambayar abin da ya sa Dodo yake cin mutane ba. Tatsuniya ba ta da wannan buƙata. Yaro ɗan shekara biyar abin da ake so ya koya shi ne akwai abin gudu a duniya, kuma Dodo ya ishe shi darasi.

Matsalar ta taso ne da muka girma muka fara rubuta namu labaran. A gajerun labaran da matasanmu suke rubutawa, da wasannin kwaikwayon da ake yi ranar bikin makaranta, da 'yan finafinan da ake ɗauka a lungunan unguwa, Dodon nan ne dai muka ɗauko muka sa masa babbar riga da hula. Yana shigowa da harara, yana dariyar mugunta shi kaɗai a ɗaki, yana faɗa wa kansa da ƙarfi cewa sai ya ga bayan wane. Ba shi da jiya, ba shi da abin da yake tsoro, ba shi da wanda yake so. Ra'ayinmu shi ne wannan gurguwar hanya ce, kuma tana cutar da mai karatu. Ya kamata mugun cikin labari ya kasance yana da dalilin da hankali zai kama, har mai karatu ya ce a ransa, “Na gane yadda aka yi ya kai nan.” Sannan ya kamata mai karatun nan ya rufe littafi bai yafe masa ba. Abubuwan nan biyu suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma aikin marubuci ne ya zaunar da su.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi yi mana wuya mu da muke zaune a cikin wasu al'ummu, ko a zangon Kumasi ne, ko a Nima ta Ankara, ko a unguwannin Hausawa na Yawunde da Njamena. Mu 'yan tsiraru ne, kullum muna jin idon maƙwabta a kanmu. Saboda haka idan marubucinmu ya zo sa mugu a labarinsa, sai ya ji nauyi. Ko dai ya mai da mugun bare, wanda ba ya jin harshenmu, ko kuwa ya mai da shi dabba ƙarara, yadda kowa zai ce ai wannan ba irinmu ba ne. Duk hanyoyin biyu rufin asiri ne, amma rufin asirin da yake barin 'ya'yanmu a buɗe. Wanda zai cuce su a rayuwa ba da harara zai zo ba. Da sallama zai shigo, ya san sunan kakarsu, wataƙila ma shi ya raɗa musu suna. Yaron da bai taɓa ganin mugu mai fuskar mutane a labari ba, ba zai gane shi ba ran da ya zauna kusa da shi a tabarma ɗaya. Abin da ya fi wannan tsanani, ba zai gane shi ba ran da ya fara tsirowa a cikin zuciyarsa shi kansa.

Ba sai mun je aron misali wani wuri ba, domin adabinmu ya yi wannan aiki tun farkon tasowarsa. A tsakiyar shekarun 1930, zamanin da aka buga rukunin farko na ƙagaggun labaran Hausa na boko a Zariya, an fitar da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Labarin wani saurayi ne, Abubakar, wanda suke son juna da wata yarinya, Zainab. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda yake da dukiya amma ba shi da ɗa, ya shiga tsakani, ƙarfin arzikinsa ya rinjaya, ya aure ta. Abubakar ya ƙudura ramuwa. Ya bar gari, ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya sha wuya mai yawa kafin ya samu. Da ya komo, a kan ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu ya sauke abin, yaron da ake kira Kyauta. Yaro ya lalace, ya zama ɓarawo, har ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba.

Mu tsaya mu duba abin da labarin nan ya yi da zuciyar mai karatu, domin abu uku ne, kuma a jere suke.

Na farko, ciwon Abubakar na gaskiya ne. Ba a ƙirƙiro masa ƙaramin saɓani don a sami hanyar fara labari ba. An ƙwace masa abin da ya fi so, kuma da kuɗi aka ƙwace, a gaban idon gari, ba wanda ya tsaya masa. Duk saurayin da aka taɓa nuna wa cewa aljihunsa bai kai ba ya san zafin nan. A wannan mataki mai karatu yana bayan Abubakar ɗungum, kuma daidai ne ya kasance haka. Marubucin da ya ji tsoron ba mugunsa ciwo na gaskiya, don kada a tausaya masa, ya rushe ginin tun daga tushe.

Na biyu, akwai nisa tsakanin ciwon da aikin. Abubakar bai ɗauki sanda cikin zafin rai a daren biki ba. Tafiya ya yi mai tsawo, lokaci ya shuɗe, har yaron da ba a haifa ba sa'ad da aka yi masa laifi ya zo duniya ya tasa. Wannan nisa shi ne wurin da dalili yake rabuwa da uzuri. Kowace safiya da ya farka a baƙon wuri yana iya cewa ya isa haka, ya koma gida ya nemi wata mata ya kama sana'a. Kowace safiya kuma sai ya zaɓi ya ci gaba. Mai karatu yana tafe da shi, amma a hankali yana ja da baya, domin yana ganin ƙofofin da mutumin yake wucewa yana ƙin shiga.

Na uku, wanda ya biya bashin ba shi ne ya ci ba. Kyauta bai ƙwace wa kowa budurwa ba. Zainab kuwa, wadda Abubakar yake cewa dominta zuciyarsa ta ƙone, ita ce ta rasa miji ta kuma ga lalacewar ɗanta. A nan tausayin da mai karatu ya ɗauko tun farko yake juyewa ya zama wani abu mai nauyi. Bai manta an zalunci Abubakar ba, amma yanzu ga wani yaro a gabansa wanda aka ɓata wa rayuwa tun bai san kome ba. Ya fahimci mutumin sarai, kuma fahimtar ce ta sa ba zai iya wanke shi ba, domin ya ga a inda ya sami zarafin tsayawa bai tsaya ba.

Haka kuma labarin bai bar Malam Shehu ba dalili ba. Mutum ne mai neman magaji, abin da kowane Bahaushe ya san nauyinsa. Amma neman ɗa bai halatta masa taka talaka ba. Saboda haka mutum biyu ne a labarin, kowanne da ciwonsa na gaskiya, kowanne kuma ya ɗora wa wani kuɗin maganinsa.

To, yaya marubucinmu na yau zai yi irin wannan da kayan da ke gabansa? Bari mu ƙaga misali daga abin da kowane zango ya sani, wato rikicin gidan gado, mu bi shi daki-daki.

A ce wa da ƙane ne. Wan ya riga zuwa, ya sami fili, aka rubuta takarda da sunansa. Ƙanen ya biyo shi yana saurayi, ya shekara 20 yana yi masa hidima: shi ne mai zuwa kara da asuba, shi ne mai raka kaya, shi ne ya tsaya a kan magina har aka ɗaga ɗakunan haya ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa yanka masa albashi ba, domin ai gida ɗaya ne, kuma ƙane ba ya tambayar wansa lissafi. Sai wan ya rasu, ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji ƙarami, da 'ya mace. Malamai suka zauna rabon gado. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, matar tana da tumuni, wato kashi 3, ɗan yana da 14, 'yar tana da 7. Ƙanen mamaci ba shi da ko ɗaya, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa daga gado. Sai kuma aka juyo aka ce masa, tun da kai ne baffansu, kai za ka riƙe musu har su girma. Bayan shekara goma, yara suka tashi suka tarar an sayar da gidan.

Marubuci mai gaggawa zai buɗe labarin da Baffa yana murmushi a wurin zaman makoki, yana ƙirga ɗakuna da ido. Wannan Dodo ne. Mu kuwa za mu buɗe da ranar rabon gado, mu zaunar da mai karatu kusa da Baffa a bakin tabarma. Ana karanto kason kowa, yana kallon bangon da ya san nawa aka sayi kowane buhun sumuntinsa. Ba a ambaci sunansa ba sai da aka zo neman wanda zai ɗauki wahala. Kada ya ce kome a wannan fage. Ya isa a nuna ya karɓi makullan da hannu biyu, ya ce Allah ya ba mu ikon riƙe amana, kuma da gaske yake a ranar. Wannan shi ne ciwon, kuma dole mai karatu ya ji shi a jikinsa.

Bayan ciwo sai maganar da mugu yake faɗa wa kansa. Babu mai kwana yana kiran kansa azzalumi. Kowa yana da sunan da yake sa wa aikinsa don ya iya barci. Baffa ba zai taɓa cewa yana cin dukiyar marayu ba. Cewa zai yi guminsa yake karɓa. Watan farko da ya taɓa kuɗin haya, rance ya kira shi, domin ɗansa ne ba lafiya, har ma ya rubuta a ɗan littafi da niyyar mayarwa. A shekara ta biyu ya daina rubutawa, ya ce ai ko ɗan aiki ana biyansa ladan kula da gida. A shekara ta biyar ya fara ba abokansa labarin yadda shi ne ainihin wanda ya gina gidan, marigayi suna kawai ya sa. Kowane mataki ƙarami ne, kuma kowanne yana da ƙwayar gaskiya a cikinsa. Ƙwayar nan ce take sa mai karatu ya tsorata, domin ya san shi ma ya taɓa yi wa kansa irin wannan lissafi a kan wani abu.

Daga nan sai ƙofar da ya ƙi shiga, kuma ita ce ginshiƙin labarin duka. Baffa yana da hanyar halal. Yana iya zuwa gaban Sarkin Zango da malamai tun kafin a raba gadon, ya ce yana da haƙƙin aiki da na tarayya a cikin ginin nan, ya kawo shaidu, a fitar masa da abin da ya tabbata nasa ne, domin ana fitar da bashin da ke kan mamaci kafin magada su taɓa kome. Dole marubuci ya nuna wannan ƙofa a fili. A sa wani dattijo, abokin marigayi, ya same shi a zaure ya ce, “Malam, kowa ya san wahalar da ka sha a gidan nan. Ka yi magana a fitar maka da naka, ni zan tsaya maka shaida.” Baffa kuma ya amsa, “Haba Alhaji, ni in tsaya gaban mutane ina jayayya da 'ya'yan ɗan'uwana? Allah ya kiyaye.” A baki kunya ce da kara. A ciki kuwa girman kai ne, da wani lissafi da bai gama yarda yana yi ba: in ya nemi haƙƙinsa a sarari ɗaki uku ko huɗu zai samu, in ya yi shiru duka suna hannunsa. Daga wannan rana mai karatu ya san mutumin ba tilas aka yi masa ba. In babu wannan fage, labarin zai zama kamar ƙaddara ce ta tura shi, kuma wanda aka tura ba a kama shi da laifin faɗuwa.

Sai abu na ƙarshe, wanda marubuta suka fi mantawa da shi idan daɗin gina mugu ya ɗebe su, wato fuskar wanda aka cuta. Idan mun shafe shafi goma a cikin zuciyar Baffa, ba daidai ba ne mu sallami marayun da layi biyu. A ba yarinyar nan fagenta. A nuna ranar da aka koro ta daga makaranta saboda kuɗin zango, ta zo ta durƙusa ta ce, “Baffa, an ce in ban kai ba gobe kada in koma.” Shi kuma ya ce mata 'yan haya ba su biya ba, alhali mai karatu ya ga kuɗin a aljihunsa a shafin da ya wuce. A nuna ta bayan shekaru tana tallan koko a ƙofar gidan da ubanta ya gina, wani baƙo yana leƙowa ta tagar ɗakin da aka haife ta. Ba a buƙatar marubuci ya fito ya ce Baffa azzalumi ne. Mai karatu ya ga kuɗin, ya ga yarinyar, hukunci ya riga ya sauka a ransa.

Akwai wata dabara guda da take taimakawa ƙwarai wajen tsare iyakar nan. A sa wani mutum a labarin wanda yake da ciwo irin na mugun, amma ya bi wata hanya. Wataƙila wani tsohon yaron gida ne, wanda shi ma ya yi wa marigayi bauta shekara da shekaru bai sami ko ɗaki ba, amma shi ne yake ɓoye 'yan kuɗinsa yana saya wa marayun littattafai. Kasancewarsa kawai ta isa ta rushe hujjar Baffa ba tare da wa'azi ba. Tana kuma kare mu daga wani kuskure mai muni, wato nuna cewa talauci ko rashin adalci su ne suke haifar da mugunta kai tsaye. Wannan cin fuska ne ga dubban talakawan da aka zalunta ba su zalunci kowa ba, kuma unguwanninmu cike suke da su.

Ta yaya marubuci zai gane ya kauce? Kaucewar iri biyu ce, kowacce da alamarta. Idan ya ba wani ya karanta, ya tambaye shi me ya sa Baffa ya yi haka, aka amsa masa da cewa ai mugu ne kawai, to dalilin bai fito ba, Dodo ne har yanzu. Idan kuwa aka amsa masa da cewa ai ba laifinsa ba ne, kowa ma haka zai yi, to ya zarce, dalili ya zama uzuri. Amsar da ake nema tana tsakani: “An cuce shi, amma abin da ya yi wa yaran nan Allah ya isa.” Wata alamar kuma tana cikin ginin jimloli. Marubucin da ya fara wanke mugunsa, ba tare da ya lura ba, sai ya riƙa ɓoye mai aikin. Zai rubuta cewa gida ya salwanta, kuɗi suka ƙare, al'amura suka rikice. A gyara a ce Baffa ya kira dillali, Baffa ya sa hannu, Baffa ya ƙirga kuɗin. Muddin aikin yana da mai shi a cikin jimla, alhakin yana nan a wuyansa.

Hanyoyi biyu ne muka fi bi wajen kuɓutar da mugu a labaranmu, kuma ya kamata mu yi hattara da su. Ta farko ita ce a gano a ƙarshe cewa asiri aka yi masa, ba ya cikin hayyacinsa. Da zarar an faɗi haka, duk zaɓin da aka gina ya zube, mutumin ya koma abin tausayi. A lura da yadda Jiki Magayi ya yi da nasa asirin: a kan Kyauta ya faɗa, shi ya sa muke tausaya wa yaron duk da abin da hannunsa ya aikata, amma wanda ya je ya nemo asirin da ƙafarsa yana cikin hankalinsa, shi ya sa alhakin ya tsaya a kansa. Ta biyu ita ce tuban shafin ƙarshe. Baffa ya kwanta ciwon ajali, ya kira marayu, ya yi kuka, suka ce sun yafe, aka rufe labari kowa yana share hawaye. Gidan fa? Shekarun karatun yarinyar fa? Ko a wurin malamai, tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe don kansa. Idan marubuci yana son mugunsa ya tuba, to tuban ta ci masa wani abu da ido zai gani. Idan kuma yarinyar za ta yafe, a bar mata yafewar ta zama tata, da nauyinta da jinkirinta, kada a tilasta wa mai karatu ya bi bayanta. Tana iya yafewa don ta huta, mai karatu kuma ya ci gaba da riƙe abin da ya gani.

Mun san akwai masu ƙin wannan ra'ayi, kuma ba mutanen banza ba ne. Iyaye da malaman makaranta sukan ce idan aka bayyana dalilin mugu, an koya wa yara hujjar da za su kare kansu da ita gobe. Tsoronsu yana da tushe, domin labarin da ya nuna ciwo ya ɓoye ƙofa ya kuma ɓoye wanda aka cuta lalle makarantar uzuri ce. Amma maganin wannan shi ne a cika aikin, a kawo sauran ɓangarorin. Mu tuna ƙissar Annabi Yusufu da muka taso muna ji. An gaya mana abin da ya ci ran 'yan'uwansa, wato ganin mahaifinsu ya fi son ƙaninsu. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan kishi. Sanin dalilin bai sa ko mutum ɗaya ya ce jefa yaro a rijiya daidai ne ba. Abin da ya yi shi ne ya sa mai sauraro ya juya ya dubi kishin da ke cikin nasa ran.

Wasu kuma sukan ce rubuta irin Baffa tonon silili ne a gaban waɗanda muke zaune a cikinsu. Amsarmu ita ce maƙwabtanmu ba su jira labaranmu ba kafin su san muna da masu cin amana, kamar yadda su ma suke da nasu. Abin da labari mai kyau zai nuna musu shi ne al'umma ce mai iya duban kanta. Mugun da aka gina da dalili mutum ne, kuma wanda ya karanta shi zai ga ɗan Adam, ba zai ga tambarin wata ƙabila ba. Dodo mai hula ne ma ya fi saurin zama abin zagin jama'a duka, domin ba shi da wani bayani sai hularsa.

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma gara mu faɗe ta. Ba kowane mugu ne a labari yake buƙatar tarihi ba. Ɓarawon da ya fizge jaka a tasha ya wuce ba sai an ba mu labarin ƙuruciyarsa ba. Wanda labarin ya rataya a wuyansa shi ake yi wa wannan hidima. Tatsuniya ma a bar ta da Dodonta, aikinta daban ne. Akwai kuma laifuffukan da tsawaita zama a cikin zuciyar mai yin su yakan zama rashin ladabi ga waɗanda abin ya taɓa shafa, musamman cin zarafin ƙananan yara. A irin wannan, kaɗan daga dalili ya wadatar, yawancin shafukan na wanda aka cuta ne. Sannan ba dole ne dalili ya zama tsohon rauni kullum ba. Wani tsoron talauci ne yake tura shi, wani son a ce da shi wane, wani kuwa son 'ya'yansa ne ya rufe masa ido daga 'ya'yan wani. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ban tsoro, domin daga abu mai kyau ya tsiro.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai riƙe da alƙalami, kafin ka sa mugunka ya aikata abin da zai aikata, zauna da shi ka yi masa tambaya huɗu. Me aka yi maka? Wane suna kake kiran abin da kake yi? Wace hanya ce ta buɗe maka ka ƙi bi? Wa ya biya? In ka sami amsa biyun farko, mai karatu zai fahimce shi. In ka sami biyun ƙarshe, ba zai wanke shi ba. Ran da wani dattijo a zangonmu ya karanta labarin Baffa, ya yi shiru, ya tashi ya buɗe akwati ya ɗauko takardar gidan da ba nasa ba, ran nan labarin ya biya kuɗin tawadarsa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma tsare mu daga hujjojin da muke kawo wa kanmu.